Bulon ƙasa na matsi: buhun siminti guda, bulo nawa?

Lokacin da na yanke shawarar gina ɗaki da bulon ƙasa, irin wanda ake matsewa da injin hannu, tambayar da kowa ke yi mini ita ce siminti nawa zan zuba. Amsar kuwa tana cikin ƙasar da mutum ya haƙo. Na kwashe baƙar ƙasar sama na ajiye gefe, domin ruɓaɓɓen ganye da saiwoyin da ke cikinta suna hana siminti kamawa. Ta ƙarƙashi na ɗiba, na tankaɗe da rariya, na zuba kaɗan a kwalba da ruwa, na girgiza, na bar ta ta kwana. Da safe yashi ya kwanta a gindi, laka ta hau sama. Tawa lakar ta kusa kai rabi, wato ta yi yawa. Siminti ya fi son ƙasa mai yashi, wadda lakarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar ba ko kusa da haka. Sai na riƙa ƙara yashi har bulon gwaji ya daina tsagewa in ya bushe.

Daga nan lissafi ya zo da sauƙi. Ma'aunin da aka saba shi ne siminti kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin busasshen haɗi. Buhu kilo 50 ne, bulona kuma yana kai kilo bakwai da rabi. A kashi 5, buhu guda zai ɗauki ƙasa kilo 950, a sami bulo wajen 130. A kashi 8 kuwa, haɗin duka kilo 625 ne, bulo 80 da 'yan kai. Na buga na gwaji da ma'aunin biyu. Da suka cika kwana 28, na jefa wasu cikin baho na bar su kwana guda a ruwa.

Wannan jiƙon shi ya fi komai buɗe mini ido. Busasshen bulo yana da ruɗi, domin ko wanda ba siminti a cikinsa yakan yi tauri in ya sha matsi. A ruwa ne ake gane na gaske. Na kashi 5 bai narke ba, amma kusurwarsa ta yi taushi, ƙusa tana shiga in na danna, ruwan bahon ma ya ɗan gurɓace. Na kashi 8 ya fito da kaifin bakinsa, ƙusa zane kawai ta yi masa. Ko mai kyau ma ƙarfinsa yakan ragu sosai in ya jiƙe, har zuwa kusan rabi. Don haka na raba aikin: kashi 8 a layukan ƙasa da bangon da ruwan sama ke duka, kashi 5 a bangon ciki.

Ruwan kwaɓi ɗan kaɗan ake so, ba irin na tubali ba. Sai an gauraya siminti da ƙasa a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Nakan dunƙula a hannu in saki daga tsayin ƙugu. In ya tarwatse ya zama gari, ruwa bai isa ba. In ya faɗi ya lafe a dunƙule, ya yi yawa. In ya fashe gida huɗu ko biyar, to ya yi. Kuma ba na kwaɓa abin da ba za mu matse cikin awa guda ba, don siminti ba ya jira.

Wurin da na fi jayayya da masu taya ni aiki shi ne shanya. Hannunsu ya saba da kai tubali rana. Shi kuwa wannan bulo, in rana ta tsotse danshinsa da wuri, simintin bai gama aikinsa ba, sai ka ga yana zubar da gari in ka goga masa yatsa. Jera su muka yi a inuwa, muka lulluɓe da leda, ana yayyafa ruwa na mako biyu, sannan aka bar su su bushe a hankali.

Duk da haka siminti ba ya maye gurbin rufi da tushe. Na ɗaga tushen da dutse da kankare ya haura ƙasa da kusan taƙi biyu, na shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin layin farko, don kada danshi ya hauro. Kwanon rufi na fitar da shi rabin mita daga bango, ruwan da ke zuba kuma na yi masa hanya ya yi nesa. Da damina ta wuce na zagaya na duba: saman bango garau, sai can ƙasa, inda ruwa ke fantsama, na ga ɗan zaizaya. Nan kaɗai na yi wa shafe, shi ma da haɗi mai yashi da yawa, domin shafe mai siminti da yawa yakan tsage, ruwa ya shiga bayansa, daga baya ya ɓamɓare ya tafi da fatar bulon.