An rage ma'aikata, har da ni

Salamu alaikum 'yan uwa. Gara ku ji daga bakina: an rage ma'aikata a wurin aikinmu, sunana kuma yana ciki. Sashenmu aka rufe gaba ɗaya, ba wani laifi na yi ba. Abin da ciwo, amma alhamdulillahi.

Duk wanda hakan ta same shi, kada ya sa hannu a takardar sallama nan take. Ya je gida ya karanta a tsanake, ya ga dalilin da aka rubuta. In kuwa aka ce shi ya rubuta takardar ajiye aiki, ya yi hattara, domin wanda ya ajiye da kansa sau da yawa ba ya samun kuɗin sallama. Sannan ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki ya yi lissafi: albashin ƙarshe, kuɗin hutun da bai ci ba, da na wa'adin sanarwa in ba a ba shi wa'adin ba. Takardar shaidar aiki kuma ya karɓa tun shugabansa yana kan kujera.

Tawa tana hannu. Aikin akanta nake nema, wanda ya ji labarin gurbi ya sanar da ni.