Ranar da na kashe ƙarar waya ban faɗa wa kowa ba

Ƙannena, shekarun farko da na kama aikin ofis, ina alfahari da cewa saƙo ba ya yin minti biyar a hannuna ban amsa ba. Har yaba mini ake yi. Amma rahoton da ya kamata in gama cikin awa biyu sai ya cinye mini yini guda. In rubuta layi uku, waya ta yi ƙara, in amsa, in dawo ina lalube: ina ma na tsaya? Amsar ba ta wuce minti ɗaya, komawa cikin tunanin da na bari ne ke cin lokaci.

Daga baya na ci karo da wani bincike da Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn suka yi a Jami'ar British Columbia, aka buga a 2015. Mutum 124 aka sa su duba imel sau uku kawai a rana na tsawon mako guda, wani makon kuma su duba yadda suka ga dama. A makon sau ukun, damuwarsu ta ragu. Na ce shi ke nan, na samu magani. Washegari na kashe ƙarar komai, na ce sai ƙarfe 10 na safe, da 1 na rana, da 4:30 na yamma.

A nan na tafka kuskuren da ya sa nake rubuta muku wannan. Ban gaya wa kowa ba. Mutanen da na saba wa amsa nan take ba su san an sake lale ba. A kwana na uku, da ƙarfe 10:40, shugabana ya turo saƙo cewa an dawo da taron ƙarfe 3 zuwa 12. Ni kuwa sai ƙarfe 1 na buɗe akwatin. Na tarar an yi taro an watse, ga saƙo huɗu jere, na ƙarshen yana cewa, "Lafiya dai ko?" Laifina ne ɗungurungum: na kulle ƙofa ban bar ko taga ba.

Gyaran bai ɗauke ni kwata ɗaya ba. Na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, sau uku nake duba saƙo a rana don in samu in gama aikin da ka ba ni. In abu ba zai jira awa uku ba, a kira ni." Haka na faɗa wa abokan aiki. Sannan na shiga Do Not Disturb a wayata, wato tsarin da ke hana waya yin ƙara, na bar kiran mutum biyar kacal ya riƙa shigowa. Akwai kuma wurin da za ka bar kiran wanda ya sake bugowa ya wuce: a Android in ya sake kira cikin minti 15, a iPhone cikin minti 3. Mai buƙatar gaggawa ba ya kira sau ɗaya ya haƙura. Abin mamaki, da aka san sai an kira, saƙonnin "yanzu-yanzu" suka yi ƙaranci.

Sai wani tarkon da na faɗa ciki shiru. Lokaci ya yi, in buɗe, in karanta saƙo ashirin, in amsa masu sauƙi, in bar masu wuya da sunan "anjima". To waɗannan ne ke bin ka har kan aikinka, kana rubutu suna yi maka kai-kawo a ka. Yanzu minti 25 nake ba kowane zama, kuma duk saƙon da na buɗe sai na yanke masa hukunci. Wanda amsarsa ba ta wuce minti biyu ba, in amsa. Wanda yake aiki ne babba, in rubuta "Na gani, zan turo gobe kafin ƙarfe 12", in sa shi a jerin ayyuka. Saura in share ko in adana.

Kada dai ku kwafi lokutana ido rufe. Wanda aikinsa shi ne amsa wa masu hulɗa, sau uku ba zai ishe shi ba. Ya gwada minti goma a ƙarshen kowace awa. Za ka gane ka yi tazara da yawa in mutane suka fara turo saƙo ɗaya ta imel, su bi da WhatsApp, su kuma kira. In ka ga haka sau biyu a mako, ƙara zama ɗaya. In kuwa kana buɗewa kana tarar da saƙo biyu ko uku kawai, rage. Ni tuni na soke na ƙarfe 1 a ranakun da ba mu da taro.