Wasiƙar kwalbati, da abin da kalmar "muhimmi" ta ɓoye

Ƙannena masu riƙe alƙalami a ƙungiyoyin gari, bayan ambaliyar 2022 ni aka ɗora wa rubuta wasiƙar ƙungiyar manomanmu, a wani ƙauye da ke gefen kogin Haɗeja. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar fadama, muna neman a gyara. Na kwana biyu a kan takardar, ga kuma zuciyarta kamar yadda na rubuta:

"Wannan kwalbati yana taka muhimmiyar rawa wajen bunƙasa tattalin arzikin al'ummarmu, kuma shi ne ƙashin bayan ci gaba mai ɗorewa. Lalacewarsa ta jefa jama'a cikin gagarumin ƙalubale."

Muka kai ofis, aka buga hatimi aka karɓa, aka yi wata uku shiru. Na daɗe ina ɗora laifin kan ofishin, har ranar da aka ce in karanta kwafin a gaban dattawa bayan sallar la'asar. Da na kai ƙarshe, baffana, wanda bai taɓa zaman aji ba, ya ce, "Ɗana, sake karanto min wajen da ka ce amalanke ba ya wucewa." Na ce, "Baffa, ban sa wannan ba." Ya ce, "To wajen kuɗin dako fa?" Shi ma babu. Sai ya ce, "Ashe ba ka gaya musu abin da ya same mu ba."

Gaskiya ya faɗa. Ku ɗauki waccan jimla ku cire "kwalbati" ku sa "asibiti", ko "makaranta", ko "rijiyar burtsatse". Ba abin da zai karye, jimlar za ta zauna daram. Wannan shi ne gwajin farko da nake yi yanzu: duk jimlar da za ta iya ƙaura zuwa wasiƙar wani gari ba tare da an taɓa ta ba, ba ta ɗauke da kayan garinmu. Ma'aikacin da ke da tulin takardu a gabansa, kowacce tana cewa nata muhimmi ne, ba shi da abin da zai kama ya fifita tamu.

Na san inda na kwaso wannan hali. Daga takardun Turanci ne da labaran da ake fassarawa. Turancin ma yana da irin waɗannan kalmomi masu kumburi. Akwai wadda asalinta ƙusar da abu ke juyawa a kanta ce, akwai wadda asalinta saƙaƙƙen ƙyalle ne mai zane da ake ratayawa a bango, amma an yi ta jan su har sun daina nuna komai. Mu kuma muka samo musu 'yan uwa: "taka rawa", "ginshiƙi", "gagarumi", "inganta rayuwa". Har ma na buɗe waccan wasiƙa da cewa garinmu "tabarma ce mai launi-launi ta al'adu". Abin da ya kamata in ce shi ne manoma na bin hanyar da shinkafa, matan ruga na bin ta da ƙwaryar nono, masunta na bin ta da kifi tun kafin rana ta fito. Mai karatu zai ga mutanen da kansa, ba sai an kira su tabarma ba.

Da na zauna sake rubutu, kuskure na biyu ya tare ni. Na goge "muhimmi" na sa "mai matuƙar amfani", na goge "gagarumi" na sa "babba ƙwarai". Canza riga ne kawai, mutumin na nan. Kalmar ba ƙanwarta take nema ba, amsa take nema. Don haka duk inda na ga hannuna ya rubuta "muhimmi", sai in tsaya in yi tambaya uku: in babu abin, me ke faruwa, ga wa, kuma a wane lokaci? Amsar ita ce jimlar da zan rubuta.

Na bi kalmomin ɗaya-ɗaya. "Muhimmiyar rawa" ta koma: a kan kwalbatin amalanken shanu ke fito da shanshera daga fadama zuwa bakin titi, buhu takwas a sawu ɗaya. "Gagarumin ƙalubale" ya koma: yanzu sai a sauke buhunan a bakin ramin, 'yan dako su tsallaka da su a ka ɗaya bayan ɗaya, a sake lodi a wancan gefe, manomi ya biya dako sau biyu. "Ci gaba mai ɗorewa" kuwa da na matsa masa da tambayoyin nan uku, bai ba ni amsa ko ɗaya ba, sai na goge shi gaba ɗaya. Haka za ku riƙa gani, wasu kalmomin akwai abu a ƙarƙashinsu, wasu kuma iska ce, kuma ba za ku bambance su ba sai kun tambaye su.

Amma a nan akwai rami, kuma na faɗa cikinsa. Da na ɗanɗana daɗin lamba, sai na rubuta cewa gidaje sama da 200 ne ke noma a hayin kwalbatin. Ban ƙirga ba, na ji dai adadin ya yi nauyi a baki. Allah ya sa shugaban ƙungiya ya hana a kai takardar sai an tabbatar. Muka zauna da mai unguwa muka bi gonakin da sunan masu su, muka samu 63. Na ji ciwon abin, domin da an turo mai dubawa ya ga bambancin, duk sauran gaskiyar da ke takardar ta zama abin zargi. Lambar da aka ƙaga ta fi kalma mai kumburi haɗari: ita kumburarriyar ba ta ce komai ba, lambar kuwa ta faɗi ƙarya. In ba ku ƙirga ba, ku rubuta abin da ido ya gani, kamar faɗin ramin da taku, ko inda ruwan ke kai wa mutum a watan Agusta.

Kada kuma ku ɗauka gaisuwa da girmamawa na cikin abin gogewa. "Ranka ya daɗe" da "bayan gaisuwa mai yawa" suna da aikinsu, suna nuna mun san wanda muke magana da shi, kuma na bar su yadda suke. Ita kanta kalmar "muhimmi" ba haramun ba ce. In kun ce kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, ana shigo da shanu da raƙuma daga Nijar, fatake na lodin su zuwa kudu, to ko kun ƙara cewa muhimmiya ce ba ku yi laifi ba, sai dai za ku ga ba a ma bukatar ta.

Wasiƙa ta biyu ba ta cika shafi ɗaya ba. Kafin a kai ta, na karanta wa baffa a zaure. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka manta ba ka ce girbi saura mako shida ba." Na ɗauko biro na ƙara layin a sama, daidai ƙarƙashin gaisuwa.