Kaya, farashi, wuri da talla: lissafin mai ƙuli-ƙuli

Masu koyar da kasuwanci suna kiransu P huɗu, saboda a Turanci kowannensu da harafin P yake farawa. Wani malamin jami'a ɗan Amurka, Jerome McCarthy, shi ya jera su haka a 1960. Da Hausa dai kaya ne, da farashi, da wurin sayarwa, da talla. Abin da mai ƙaramar sana'a ya kamata ya riƙe shi ne a ɗaure suke da juna: ka taɓa ɗaya, sauran ukun sai sun motsa. Ƙuli-ƙuli ya isa misali.

Kayan tun daga buhun gyaɗa yake farawa. A tsince wadda ta yi fumfuna ko ta motse, domin ita ke kawo ɗaci, kuma tana iya ɗauke da guba mai cutar da hanta wadda suya ba ta kashewa. Sai a soya, a murje ɓawon, a niƙa, a tuƙa da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya fito, a mulmula tunkuzar a soya ta. In suyar ba ta kai ciki ba, ko aka ɗaure leda da sauran ɗumi, gumi zai taru, bayan 'yan kwanaki ƙulin ya yi sanyi ya daina ƙaras-ƙaras. Da damina abin ya fi muni. To amma kaya bai tsaya a ɗanɗano ba. Dunƙulallen ƙuli mai tauri da ake daka wa don kwaɗo daban yake da siririn nan mai citta da yaji da ma'aikaci zai ci a ofis. Sai ka zaɓi wanda kake yi wa kafin ka kunna wuta.

A farashi ne aka fi yaudarar kai. Alƙaluman nan na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa. A ce gyaɗa kilo 20 ta ci N30,000. Niƙa da itace da kayan yaji N5,000, ladan masu aiki N5,000, leda da takardar shaida N4,000. Jimilla N44,000. A ce an samu mai lita 6, an sayar N3,000 kowace lita, N18,000 ke nan sun dawo. Saura N26,000 a kan ƙuli kilo 10. In aka ƙulla shi giram 100, leda 100 za a samu, kowace ta tashi a N260. A ba mai shago a N350, riba N9,000.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin sa ladan aiki, musamman idan 'yan gida ne suka yi. Nan take leda za ta koma kamar N210, a sayar da arha ana murna, ranar da aka ɗauki ma'aikaci sai ribar ta ɓace. Akwai kuma matsalar canji. Mai shago ya fi son abin da zai sayar N500 cif. Don haka idan gyaɗa ta yi tsada da damina, bayan arhar kaka ta wuce, sau da yawa gara a gyara nauyin leda, a rubuta sabon nauyin a jiki, da a sa farashin da zai jawo neman canji.

Wuri kuwa shi ke sake lissafin gaba ɗaya. A ƙofar gida ko tasha, kuɗi hannu ne, leda mai sauƙi ta wadatar. Babban kanti zai nemi lambar NAFDAC, da ranar yi da ranar lalacewa, da leda mai liƙi, kuma galibi sai kaya sun ƙare yake biya. Kuɗin gyaɗar mako mai zuwa ya maƙale ke nan. Ga kuɗin mota. Idan leda 10 suka farfashe a hanya aka dawo da su, N3,500 sun fita daga waccan N9,000. Farfasasshen ba na zubarwa ba ne, a daka shi gari a kai wa masu tsire, sai dai wannan wani kaya ne da nasa farashin.

Talla a wannan sana'a baki ne ke yin ta. Leda biyar da aka buɗe don ɗanɗano a shago N1,300 suka ci, kuma a lissafi za a rubuta su. Lambar waya a jikin leda da hoto a WhatsApp sun isa a farko. Inda ake faɗuwa shi ne tallar ta fi ƙarfin tukunya: oda ta leda 300 ta shigo wa mai iya 100, sai a gaggauta suya, a ɗaure da zafi, sababbin masu saye su fara da ƙulin da ya yi sanyi.