Adireshin da babu kowa a cikinsa

Ranar da na fara rubuta wa STM32F103C8 shiri ba tare da jingina da kayan wani ba, abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in kunna 'yar fitilar da ke ƙafar PC13. Shirin ya shiga cif lafiya lau, amma fitila shiru. Da na leƙa da manhajar bin diddigi, sai na tarar ya maƙale a HardFault, inda cif ke faɗawa idan an yi babban kuskure, kuma SP, rijistar da ke nuna tarin ajiyar shirin, na nuni wajen 0x20010000.

A nan ne na buɗe takardar bayanin cif ɗin, na tsaya kan taswirar ƙwaƙwalwa. Dogon zane ne, adireshi na hawa daga ƙasa zuwa sama. Filash ya fara daga 0x08000000, SRAM daga 0x20000000, rijistocin na'urorin gefe kuma daga 0x40000000. Sai dai mafari kaɗai bai isa ba, dole ka haɗa da girma. Wannan cif kilobayit 20 ne ram ɗinsa, wato 0x5000, saboda haka bayit na ƙarshe yana 0x20004FFF. Ni kuwa fayil ɗin linka da na aro na cif mai kilobayit 64 ne, ya kafa tarin ajiyar shirin a wurin da babu ƙwaƙwalwa sam. Ina mayar da shi 0x20005000, HardFault ya ɓace.

Fitilar dai ba ta kama ba tukuna. Taswira ta ba ni ƙofar gida ne kawai: GPIOC, mai kula da ƙafafun C irin su PC13, na 0x40011000, RCC, mai raba agogo, na 0x40021000. Ɗakunan ciki suna babban littafin RM0008, inda kowace rijista ke da tazararta daga ƙofa. CRH, mai tsara ƙafafu 8 zuwa 15, tazararta 0x04 ce, adireshinta ya zama 0x40011004. Na rubuta mata ƙima, na karanta, sai sifili. Na sake lissafi sau uku, daidai ne. Ashe GPIOC ba ya jin kira sai an buɗe masa agogo a RCC, a rijistar APB2ENR mai tazara 0x18, bit na 4.

```c
*(volatile uint32_t *)0x40021018 |= 1u << 4;
*(volatile uint32_t *)0x40011004 = 0x44244444;
```

Wannan 2 ɗin ita ce ta mai da ƙafa ta 13 mafita. Kowace ƙafa bit huɗu gare ta, nata suna 20 zuwa 23; sauran na bar su a 4, yadda suke tun tashi. Nan take fitila ta kama, domin a allon nan tana haske ne idan ƙafar ta sauka ƙasa.

Tun daga ranar, kafin in rubuta layi ɗaya nakan kwafe mafari da ƙarshen filash da ram a takarda da biro. Idan kuma rijista ta maido mini da sifili bayan na rubuta mata, RCC nake fara dubawa kafin in zargi adireshi.