Matattun Wayoyi Huɗu Na Fara Farkewa Kafin Na Taɓa ta Maƙwabci

Ranar da na kai wayata gyaran sikirin karo na biyu a shekara ɗaya, na tsaya a kan mai gyaran ina kallon hannunsa. Bai yi minti arba'in ba ya miƙo min ita. A hanyar gida nake ta lissafi, kuɗin hannunsa kaɗai ya isa cefanen kwana biyu. Nan na ƙudura sai na koya, amma ba ni da kuɗin shiga wajen oga a matsayin yaron shago, ga kuma aikina na safe da ba zan iya ajiyewa ba.

Kayan aikin ba su ci min kuɗi ba. Na shiga kasuwar waya ta Farm Center a nan Kano na sayi ƙananan sukudireba, wadda aka fi amfani da ita a cikinsu ita ce mai lamba PH000, sai hantsaki, da 'yar robar manna wa gilashi a ja, da fallayen roba na ɓamɓare murfi, da gam B-7000, da ƙaramar mitar auna wuta, da kwalbar sifirit na gyaran waya, wato mai ƙarfin kashi 99, ba na kyamis mai ruwa-ruwa ba. Duka kuɗinsu bai kai na sikirin biyu ba. Bulawa kuwa, wato injin hura iska mai zafi, ban saya ba. Na ari handirayar ƙanwata, wadda har yau take min gorin ta.

Abin da ya fi min amfani shi ne matattun wayoyi huɗu da na samo, biyu daga durowar gidanmu, biyu a hannun wani ɗan gwangwan da ya ba ni su a kuɗin kwanon shinkafa da wake. Sati uku ina buɗe su ina rufewa bayan sallar isha'i. A jikinsu na tsinka fileks har sau uku. Fileks shi ne siririn zaren nan mai faɗi kamar ledar alawa da ke haɗa wani sashe da injin waya. Wanda ya fi saurin tsinkewa shi ne na wurin ɗora yatsa, domin a wayoyi da yawa yana manne a murfin baya alhali ɗaya bakinsa na jikin inji. Ka ɗaga murfin da zafin nama, ka raba su ke nan. Da na gane haka sai na riƙa buɗe murfi kamar wanda ke leƙa tukunya a kan wuta, in ɗaga kaɗan, in duba abin da ke biye da shi, sannan in ci gaba.

A kansu kuma na koyi cewa notikan waya ba tsayinsu ɗaya ba, ko da ido ya ce ɗaya ne. Dogon noti a ramin gajere yana iya huda hanyoyin da ke cikin inji, ko ya tokare sikirin daga ciki ya bar tabo. Dabarar da na ɗauka ba ta da tsada: in zana hoton bayan wayar a kwali, in soka kowane noti a daidai inda na ciro shi.

Waya mai rai ta farko da na taɓa ta yayata ce, Infinix Hot 8, wadda ɗanta ya buga da ƙasa. Gilashin ya tsattsage, rabin sikirin ya yi baƙi kamar an zuba tawada, amma tana ƙara idan an kira. Ban tafi kasuwa da sunan wayar kawai ba, na duba lambarta, X650, domin masu sayar da kaya da lamba suke aiki, kuma wayoyi biyu masu kama da juna kan sha bamban a bakin fileks. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya kalle ni ya gane sabon shiga ne.

"Ɗan samari, kai za ka sa?"

"Ni ne, Baba."

"To ji nan. Kada ka ɓare ledar, kada gam ya taɓa shi sai ka gwada. In ka ɓare, ya zama naka, ko yana yi ko ba ya yi."

Na ce to. Da na koma gida na kashe wayar, na zare tiren layi, na bi gefen murfin da fallen roba har ya saki. Na kwance notikan, na ɗaga farantin da ya rufe injin, sannan kafin komai na cire bakin batir da roba. Wannan ba a tsallake shi. Ko wayar a kashe take, akwai wuta a wasu hanyoyin injin, kuma cire ko jona sikirin batir na haɗe yana iya ƙona ɓangaren da ke ba sikirin haske. Daga nan aiki ya tashi daga canjin sikirin ya koma gyaran inji, wanda ba nawa ba ne.

Na ɗumama gefunan tsohon sikirin da handiraya, ina yawo da ita ba na tsayawa wuri ɗaya, har gilashin ya yi zafin da yatsa ba zai daɗe a kai ba. Masu injin ɗumamawa kan sa shi wajen digiri 80. Gam ya yi laushi, na ɓamɓare, na kankare ragowar tsohon gam da ɓarɓashin gilashi daga firam ɗin. Wannan kankarar ta fi komai cin lokaci, kuma ita ce mutum ke jin kasalar yi. Ƙwayar gilashi ɗaya in ta rage a gefe, ranar da aka zauna da wayar a aljihun baya, daga nan sabon zai tsage.

Na jona sabon sikirin a sake, na mayar da batir, na kunna. Haske ya kawo, launi daidai. Farin ciki ya ɗebe ni, na kashe, na shafa gam na manne. Gwajin da Baba ya ce in yi, rabinsa na yi: na ga hoto, ban gwada taɓawa ba, ban gwada kira ba. Allah ya taimake ni taci ɗin lafiyarsa ƙalau. Amma washegari Yaya ta aiko a kira ni.

"Kai, me ka yi wa wayar nan? In ina magana sai kunnena ya riƙa danna abubuwa, jiya har kashe wa Umma kira na yi."

A saman waya, kusa da inda ake jin magana, akwai wani ɗan ido da ke gane an kai waya kunne, sai ya kashe sikirin. Akwai 'yar baƙar roba da ke zagaye da shi, ita kuwa ta bi tsohon sikirin zuwa kwandon shara ban lura ba. Sai da na zazzage sharar a tsakar gida, yara na min dariya, na samo ta, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Sannan na sake ɗumama sikirin da na manne jiya, ina addu'a kada ya fashe a hannuna, don in ya fashe daga aljihuna za a sayi wani. Ya fita lafiya, amma na yi gumi.

Tun daga ranar gwajina ya zama iri ɗaya kullum, kuma duk kafin gam. Ina danne wata alama a fuskar wayar in ja ta ko'ina, lungu-lungu. In ta suɓuce a wani wuri, wurin ya mutu. Ina buɗe farin shafi in duba tabo, in rage haske in ƙara. Ina ajiye wayar minti biyu in ga ko za ta riƙa danna kanta. Sannan in yi kira in rufe saman da tafin hannu. A yawancin wayoyin Samsung akwai gajeriyar hanya, a danna

```
*#0*#
```

sai shafin gwajin launi da taci ya fito. Gam kuma siririn layi nake sawa, in kauce wa kyamara da ragar sifika, in ɗaure da robar kuɗi wajen awa uku, in ce wa mai ita ya lallaɓa ta har kwana ɗaya, don B-7000 ba ya gama kamawa kafin nan.

Batir ya fi sikirin sauƙin canzawa, amma shi ne mai iya tayar da gobara. Na gani da idona a ɗaya daga matattun wayoyin nan: na sa bakin sukudireba ina ɓamɓara, ya huda ledar batirin, sai wani wari mai zaƙi-zaƙi da hayaƙi. Na yi sa'a babu caji sosai a cikinsa, na tura shi kan siminti a waje. Yanzu ba na kusantar batir da ƙarfe, ba na lanƙwasa shi, ba na hura masa zafi kai tsaye. In wayar na aiki, sai cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 nake buɗewa. In akwai ledar ja a jikinsa in ja a hankali, in babu in ɗiga sifirit a gefe, in jira minti biyu gam ya saki, in tura fallen roba. Wanda ya kumbura har ya ɗaga murfi, ba a danna shi, ba a kuma mayar da shi.

Sai dai yawancin masu cewa batirinsu ya mutu, ba batirin ba ne. Wata maƙwabciyarmu ta kawo Tecno ɗinta ta ce ba ta caji sai an karkata waya an tokare da filo. Na haska ramin cajin, ga auduga da ƙurar hunturu sun dunƙule a ciki. Tsinken sakace ya fito da su, caja ta shige har ƙarshe. Ta ce nawa ne, na ce Hajiya ki bar shi. Ita ta jawo min mutum uku a satin. Don haka kafin in ce a sayi batir, ina canza caja da igiyarta, in share ramin, sannan in auna. Lafiyayyen batir yana nuna tsakanin bolt 3.7 zuwa 4.3 gwargwadon cajinsa. In ya faɗi ƙasa da 3, wayar ma ba za ta tashi ba. Amma mita ba ta faɗin yawan cajin da yake iya riƙewa. Tsohon batir kan nuna 4.1 yana zaune, a ɗora masa kira ya zube. Alamarsa ita ce waya ta mutu tana kashi 30, ko ta yi tsalle daga 60 zuwa 15.

Sai da na yi wayoyin gida shida kafin na faɗa wa maƙwabta. Sharuɗɗana a baki nake faɗa, a gaban mai waya, kafin in ɗauki sukudireba. Mu kunna ta tare mu ga abin da ke yi da wanda ba ya yi, don kada sifikar da ta mutu tun bara ta zama laifina. Ya cire layinsa da memori. Kuɗin kaya daban, na hannu daban, kuma ina nuna masa akwai sikirin mai araha da hasken rana ke disashewa, akwai mai tsada, ya zaɓa da kansa. Tsohon da na cire in ba shi abinsa.

Akwai kuma waɗanda ba na karɓa: wadda ta faɗa ruwa, wadda ba ta motsi ko an sa mata batir mai kyau, da masu lanƙwasasshen gilashi waɗanda sikirinsu ya fi kuɗin jarina gaba ɗaya. Makon jiya mai shayin bakin layinmu ya kawo tasa, ta faɗa cikin bokitin wanke kofuna. Na cire mata bakin batir don kada wuta ta ci gaba da cin injin, na hana shi jona ta a caji, na kwatanta masa shagon wani mai gyaran inji da ke da madubin ƙara girma. Ya ce ai ya ɗauka na iya komai. Na ce masa sikirin da batir ne nawa, ya hanzarta kafin a rufe kasuwa.