Shekarar da shinkafata ta ƙi sunkuyawa

Ina noman rani a yankin Kura, da ruwan da ke zuwa mana daga dam ɗin Tiga. Shekarar da zan ba da labarinta, tumatir ne ya riƙe min gona. Kasuwa ta yi kyau, na ƙi cire shi da wuri, don haka ban zuba irin shinkafa ba sai ƙarshen Janairu. Sipi ce, wadda malaman gona ke kira FARO 44. Na yi dashe a ƙarshen Fabrairu a eka guda, ta yi ciki wajen tsakiyar Afrilu, ta fitar da kai a makon ƙarshe na watan. Duk wanda ya san Kano ya san wannan lokaci. Shi ne lokacin da ake fito da tabarma tsakar gida, a yayyafa mata ruwa, kuma duk da haka a kwana ana gumi har asuba.

A ido gonar ba ta da makusa. Na sa kamfa, na sa yuriya sau biyu, ruwa bai taɓa yankewa ba, ganye kore shar. Mako biyu bayan fitar kai na fara jin ba daɗi. Zangarniyar da ta ɗauki ƙwaya nauyi ne ke sa ta sunkuya, amma nawa da yawa suna tsaye ƙiƙam. Na matsa ƙwayoyin da yatsa, wasu suka fitar da madara, wasu kuwa fanko, ɓawo biyu ne kawai suka haɗu.

Tsutsar kara na fara zargi, har na yi niyyar sayen magani. Wani malamin gona da ke da gonar gwaji kusa da mu ya hana ni. Ya ja zangarniya ɗaya, ba ta zare ba. Ya ce, "Alhaji, da tsutsa ce, kan gaba ɗaya zai yi fari, kuma kana ja zai biyo hannunka." Ya duba wuyan zangarniyar, babu baƙin da cuta ke bari. Ɓawon ma babu ɗigon da ƙwaro mai tsotso ke yi. Sai ya ɓare fanko guda ya ɗaga a rana: babu komai a ciki, ko 'yar siririyar ƙwaya. Ya ce idan ƙwaya ta fara ta tsaya, matsalar cika ce, amma idan ba ta fara ba sam, to barbara ce ba ta yiwu ba. Muka yanki zangarniya 10 daga wurare daban-daban muka zauna ƙirga. Ƙwaya 1,200 da ɗoriya, 540 daga ciki fanko, kusan 45 cikin 100 ke nan.

A ranar na fahimci yadda shinkafa ke yin ƙwaya, bayan shekaru ina nomanta. Kowace ƙwaya fure ne tukuna. A cikinsa akwai 'yan jakunkuna 6 masu ɗauke da garin fure, ɗan'uwan bununin da muke gani a kan gero. Furen yana buɗewa sau ɗaya tak, da hantsi, na kimanin awa guda. Jakunkunan su fashe, garin ya zuba a kan ɓangaren mace na wannan furen, ya tsiro ya shiga ciki. Garin ba ya wuce 'yan mintoci a raye bayan ya fito. Idan zafi ya haura digiri 35 a daidai wannan awa, jakunkunan ba sa fashewa yadda ya kamata, garin da ke sauka ya yi kaɗan, furen ya rufe kuma ba zai sake buɗewa ba.

Na ce masa, "To Malam, ai Baba da muke iyaka da shi tasa ta yi fure a ƙarshen Maris, rana na ƙuna kamar yanzu, ga ta can ta sunkuya har tana taɓa ruwa." Ya buɗe littafin da yake rubuta abin da ma'aunin zafinsa ya nuna kullum. A makon da ta Baba ta yi ciki, da asuba ma'aunin na sauka zuwa 19 ko 20. A makon da tawa ta yi ciki, bai sauka ƙasa da 27 ba. Zafin rana kuwa tazararsa tsakaninmu ba ta wuce digiri biyu zuwa uku ba.

Bayaninsa shi ne, garin furen ba ranar fure ake yin sa ba. Ana ƙera shi ne tun zangarniya na ɓoye cikin kara, kwana 10 zuwa 12 kafin ta leƙo, sannan a cika shi da sitaci, wanda shi ne guzurin da zai tsiro da shi. Da rana ganye na haɗa sukari, da dare kuma tsiron yana numfashi yana ƙona wani ɓangare. Idan dare ya yi sanyi ƙonawar kaɗan ce, saura ya tafi ga zangarniya. Idan dare ya yi zafi ƙonawar ta ƙaru, kuma tsiron da rana ta gasa bai samu ya huce ba. Garin sai ya fito ba guzuri, ya iske hantsi mai zafi yana jiransa.

Akwai fangali biyu da na dasa a makare, suna cikin fure a lokacin. Washegari da sassafe ya zo da aidin da ɗan madubin ƙara girma. Ya ciro jakunkunan furen da bai buɗe ba, ya murƙushe su a kan gilashi, ya ɗiga aidin. Garin da ke da sitaci ya koma baƙi-baƙi, ƙulu-ƙulu. Sauran ya zauna ruwan ɗorawa, a motse. Na sa idona na gani, kuma masu motsewar suna da yawa ƙwarai. Ya ce a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, a 2004, an nuna cewa a noman rani duk ƙarin digiri 1 a zafin dare yana rage amfani da kusan kashi 10 cikin 100, ko da yake ba ta hanyar garin fure kaɗai ba.

Da aka yi bugu aka sheƙe, iska ta kwashe kusan rabin wahalata. Inda na saba samun buhu 22 na shanshera, 13 na ɗaure. Ba taki ko feshin da zai dawo da furen da ya rufe ba barbara.

Yanzu daga baya nake lissafi. Ina so ta gama fure kafin Maris ya ƙare, don haka nake zuba iri a tsakiyar Disamba, tumatir kuma na ware masa wani fili. Wannan ma da wahalarsa: hunturu na sa iri ya yi rawaya ya ƙi tashi, kwanakin su ƙaru, kuma idan ka yi saurin da ta yi ciki cikin Janairu, sanyin dare shi ma yana kashe garin fure. Daga lokacin da ta yi ciki zuwa gama fure ba na barin ruwa ya gaza tsawon yatsa a fangali, domin tsiron da ke shan ruwa sosai yana fitar da shi ta ganye ya sanyaya kansa, musamman idan iska busasshiya ce. Ruwan da ya wuni a rana yakan yi ɗumi, don haka idan an sako ruwa da yamma nakan sauya shi. Wannan yana ragewa ne kawai, ba ya maida Afrilu Maris.

Na sayi ma'aunin zafi na rataye a inuwa daidai tsayin zangarniya, ina duba shi bayan sallar asuba. Bana da ta yi ciki yana nuna 20 zuwa 21. Da muka ƙirga zangarniya 10 ni da yarana, fanko 12 muka samu a cikin kowace 100.